Agogon Kwalin 'Yan Aji Uku

Shekarar da aka ba ni aji uku, babu agogon bango ko ɗaya a makarantarmu. Hedimasta yana da na hannu, amma irin mai nuna lambobi ne kawai, ba shi da hannuwa. Da shi yake dubawa ya sa a buga tsohon wilin motar da ke rataye a jikin darbejiya, a fita tara ko a tashi. Ranar da bai zo ba kuwa, inuwar ajin 'yan ɗaya muke kallo. In ta taɓa gindin tukunyar ruwa, mun san lokacin tashi ya yi.

Makarantar tana wani ƙauye da ke gefen hanyar Tsanyawa, gonaki sun kewaye ta har bakin taga. Ni kaɗai ce mace a cikin malamai. Muna zaune a cikin gari, inda maigidana yake da shagon ɗinki, kullum sai in hau bas in sauka a mararraba, in ƙarasa da ƙafa ta tsakanin gonakin gero. Lokacin rayuwa ta yi tsanani. Damina biyu a jere ba ta yi kyau ba, kaya sun yi tsada, albashi sai ya ga dama yake zuwa. Alli ma gutsura mana shi ake yi kamar goro. Yara da yawa ba su da littafin rubutu, a ƙasa suke yin lissafi da yatsa.

A zango na biyu manhaja ta kawo mu kan karanta agogo. Na zana da'ira a allo, na jera lambobi, na ja hannuwa biyu. Duk lokacin da zan canza ƙarfe sai na goge na sake zanawa, ga allin yana ƙarewa. Da na koma gida sai na ɗauki kwalin sabulu, na yanka babban agogo guda, na kai aji washegari. Na tsaya a gaba ina juya hannuwan, ina cewa, "Ƙarfe nawa?" Na layin gaba su amsa, sauran su bi bayansu da ƙarfi kamar ana biya karatu. Murya dai ta cika aji, har na ji daɗi. Amma da na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar waɗanda suka gane ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Sauran amo kawai suke bi. Na bayan ma ba sa hango lambobin, don ajin ya cika maƙil, wasu a benci, wasu a ƙasa.

Na yi kwanaki abin yana damuna. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne. Sun san hantsi, sun san walaha, sun san sanda rana ta take tsaka, kuma ba sa kuskuren la'asar. Abin da ya rage shi ne hannunsu ya taɓa agogon. Na tuna a kwalejin horon malamai an taɓa sa mu zauna bibbiyu, ɗaya ya tambaya ɗaya ya amsa, sannan a juya. Na ce a raina, in kowane yara biyu suka sami agogonsu, babu wanda zai ɓuya a bayan muryar wani.

Na faɗa wa hedimasta. Dattijo ne mai haƙuri wanda gajiya ta riga ta kama. Ya ce, "Malama, ni ba ni da ko kwali ɗaya da zan ba ki. In kin iya, bismilla."

Ranar kasuwa na bi masu tireda ina roƙon kwalin da suka gama da shi. Ba kowa ya ba ni ba, don a shekarun nan kwali ma abin amfani ne, ana shimfiɗa shi, ana toshe taga da shi. Wani ya ce in dawo wani makon, wani ya yi dariya ya ce yanzu malaman boko sun koma tsintar kwali. Na karɓi biyun da ya miƙo na yi godiya. Kasuwa uku na ci kafin su isa.

Aikin yankan a shagon maigida muka yi shi, da yamma bayan la'asar. Murfin kwanon miya na kifa na zagaye shi da fensir, shi kuma ya yanka da tsohon almakashinsa. Na farko a cikin ƙananan da na rubuta wa lambobi, na fara daga ɗaya ina tafiya, kafin in kai goma wuri ya ƙare. Daga nan na koyi fara sa sha biyu a sama, shida a ƙasa, uku a dama, tara a hagu, sannan in cike biyu-biyu a tsakani. Da tawada da alƙalamin kara na rubuta, don su fito baƙi ƙirin. Hannuwan ne suka ba mu wahala. Mun gwada ƙusa, ta yage kwalin. Mun gwada ƙaya, ta zame. Maigida ya daɗe yana kallon abin, sannan ya jawo gwangwanin maɓallansa, ya sa maɓalli ɗaya a gaba, ɗaya a baya, hannuwan biyu a tsakani, ya ɗinke da zare mai kauri. Hannun yana juyawa, kuma inda ka ajiye shi nan zai tsaya.

Ya ce, "Ke dai kin ƙarar min da maɓallan mutane."

Na ce, "Waɗanda ba su da 'yan'uwa kawai za mu ɗiba."

Ranar da na zazzage agogunan daga buhu, ajin ya yi tsit, sannan ya kaure. Na haɗa su bibbiyu, maza da maza, mata da mata, ina ƙoƙarin sa wanda ya ɗan gane kusa da wanda bai gane ba. Wasan farko mai sauƙi ne. Ɗaya ya saita agogo ya nuna, ɗayan ya faɗi ƙarfe nawa, sai su yi musanye. Na biyu kuma akasin haka, ɗaya ya faɗi lokaci da baki, ɗayan ya saita. Mun fara da cikakken ƙarfe, dogon hannu a kan sha biyu, gajere yana nuna awa. Da wannan ya zauna muka shiga rabi, sannan kwata. Duk wanda ya ci sai ya ajiye tsakuwa ɗaya a gabansa, a ƙarshe a ga wanda tasa ta fi yawa.

A cikin 'yan matan akwai wata siririya mai i'ina. Tun da na karɓi ajin ban taɓa jin ta gama jimla ba. In na kira ta sai ta miƙe, leɓenta ya yi ta rawa, yara su fara ƙunshe dariya, ita kuma ta zauna ta rufe fuska da mayafi. Na riga na daina kiranta, don in rage mata kunya. Mahaifinta malamin allo ne, kuma manomi, mutumin da ake jin maganarsa a ƙauyen. Na haɗa ta da wata 'yar gajeriya mai baki kamar reza, wadda kullum take zuwa a makare saboda sai ta kai wa uwarta tallan ƙuliƙuli tukuna. Ban yi wani dogon tunani ba wajen haɗa su, su biyun ne suka rage.

A mako na farko na lura mai i'inar ba ta kuskure in aka ce ta saita. Kafin mai ƙulin ta rufe baki, yatsunta sun kai hannuwan inda ya dace. In juyi ya zo kanta ta faɗa da baki kuwa, sai ta nuna da yatsu. Mai ƙulin ba ta yarda ba.

Na ji tana cewa, "Ni ban iya karatun yatsu ba. Ki faɗa. Ba inda za ni."

Ta naɗe hannu ta jira. Ajin ya cika da hayaniyar sauran, babu mai kallonsu. Can na ji siririyar murya tana ta fama da "ƙa... ƙa...", har ta fito da "ƙarfe biyar." Mai ƙulin ta tura mata tsakuwa ba tare da ta nuna wani abu ya faru ba, ta ce, "Saura ni." Na juya musu baya na wuce, don kada kallona ya ɓata abin.

Da muka zo mintoci sai aka sami cikas. In dogon hannu yana kan uku, sai su ce minti uku. In yana kan takwas, minti takwas. Na karɓe agogunan na kai gida, na rubuta biyar, goma, sha biyar, har zuwa hamsin da biyar, da jan biro a gefen kowace lamba ta waje. Muka yi kwanaki muna ƙirgen biyar-biyar, ɗaya yana tura dogon hannu daga lamba zuwa lamba, ɗayan yana ƙirgawa. Bayan mako biyu na sa suka riƙa rufe jan rubutun da yatsa.

Ana cikin haka, wata safiya hedimasta ya aiko a kira ni. Na same shi a tsaye a bakin ofis, fuskarsa babu walwala.

Ya ce, "Malama, a tattara agogunan nan a ajiye. Magana ta taso a ƙauyen nan. An ce kina koya wa yara caca."

Na ce, "Caca kuma, Malam?"

Ashe wasu daga cikin mazan sun kai wasan gida. Suna zana agogo a ƙasa da tsinke, amma maimakon tsakuwa sai suka koma zuba gyaɗa, wanda ya ci ya kwashe. Wani yaro ya ɗebi irin gyaɗar da ubansa ya ɓoye don shuka, aka cinye. A shekarar da mutane suke auna abin da za su ci da gwangwani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganar ta kai masallaci, kuma malamin allon nan, mahaifin mai i'ina, shi ya ce a faɗa wa hedimasta, in ba a daina ba zai cire 'yarsa, kuma ya san ba shi kaɗai ba.

Hedimasta ya ce, "Da ƙyar muke samun yaran nan, kin sani. Ki wuce darasi na gaba kawai. Wanda Allah ya nufa zai iya agogo, zai iya."

Na ce, "Ka ba ni zuwa ranar Litinin. In ban gyara ba, ni da kaina zan kawo maka buhun."

Ya juya ya shige ofis. Na ɗauki hakan a matsayin izini.

Akwai wata tsohuwa a ƙauyen, Hajiya muke ce mata, a ɗakinta nake yin azahar kafin in kama hanya. Na ba ta labari. Ta ce, "'Yar nan, malamin allon nan ba mutumin banza ba ne, kuma abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne, an kwashi gyaɗa. Kada ki je da gardama." Ta yafa mayafi ta raka ni gidansa. Muka shiga cikin gida wajen matarsa muka gaisa, aka aika masa. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofar zaure ta ciki, ni kuma na durƙusa daga gefe.

Na ce, "Allah gafarta Malam, na zo ne a kan maganar agogo. Abin da yaran suka yi da gyaɗa bai yi kyau ba, kuma daga tsakuwar da ake ƙirgawa a ajina suka samo shi. Na soke tsakuwa daga yau. Amma ina roƙo a bar min agogon."

Ya ce, "Malama, ni ban ƙi ilimi ba. Amma duk abin da za a zauna mutum biyu, ɗaya ya tashi da riba ɗaya da asara, na san inda yake ƙarewa. Kuma me ya hana ki karanta musu su maimaita, kamar yadda aka saba?"

Na ce, "Na gwada, amo kawai suke bi. Allah gafarta Malam, in ɗalibanka biyu suka zauna, ɗaya yana kawo hadda ɗaya yana riƙe masa allo, wa ya ci wani?"

Ya ce, "Babu. Mai riƙe allo gyara yake yi."

Na ce, "To haka nake so in mayar da shi. Ba mai cin wani. In ɗaya ya kuskure, su biyun ne ba su iya ba, sai sun gyara tare."

Na fito da agogo ɗaya daga jakata, na roƙi a kira yarinyar. Ta fito daga ɗaki tana raɓe-raɓe. Ban ce ta yi magana ba, na san a gaban mahaifinta ba za ta iya ba. Na ce masa ya faɗi duk lokacin da ya ga dama. Ya ce ƙarfe biyu, ta saita. Ya ce bakwai da minti ashirin, ta saita. Ya ciro wani tsohon agogon aljihu da ya daina aiki, ya kwatanta fuskarsa da ta kwalin, ya gyaɗa kai. Uwar yarinyar daga bayan labule ta ce, "Malam, kwanan nan har magana take yi da 'yar gidan masu ƙuli. Jiya na ji su a bayan rumbu."

Ya mayar da agogonsa aljihu. Ya ce, "A cire tsakuwar. Ni kuma zan yi wa mazan magana a makarantar dare. In na sake jin gyaɗa, ba sai na aiko ba."

Ranar Litinin na shiga aji da sabuwar doka. Babu tsakuwa, babu wanda ya ci. Kowane biyu za su yi tambaya biyar-biyar, in sun gama ba kuskure su ɗaga agogonsu sama in zo in gwada su, kuma wanda na ga dama zan tambaya a cikinsu. Da farko mazan sun yi gunaguni, wai wasan ya zama lami. Amma sai na ga wani abu da ban gani ba a da. Masu ganewa, waɗanda suke murna in abokinsu ya faɗi, yanzu su ne suke kama yatsan abokin suna kai shi kan lamba, don sun san shi zan iya tambaya.

Zuwa tsakiyar bazara na ɗauka mun gama. Sai na ce bari in gwada su da agogon gaske. Hajiya tana da wani na bango da ta zo da shi daga Makka, yana rataye a saman jeren kwanukanta, ya daɗe babu batir. Na roƙe ta aro. Ta ce, "In ya fashe, ke da Allah." Na sayi ƙaramin batir, na saita shi da na hedimasta, na naɗe shi a zani na kai aji. Bayan an dawo tara na jingina shi a kan tebur. Goma da rabi daidai.

Na ce, "Ƙarfe nawa?"

Rabin aji suka ce goma da rabi. Rabin suka ce sha ɗaya da rabi. Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, agogon Hajiya ya lalace. Gajeren hannun ba ya kan komai."

Na karɓi agogon kwalin da ke kusa da ni na ce a saita min goma da rabi. Aka sa dogon hannu a kan shida, gajere a kan goma cif. Na zaga ajin, kusan kowa haka ya yi. Na nuna musu tun farko cewa a rabi gajeren hannu yana tsakiyar lambobi biyu, amma kwali ba ya tilasta wa kowa. A agogon gaske hannuwan a haɗe suke ta ciki, in dogo ya motsa dole gajere ya ɗan matsa. A na kwali kowanne zaman kansa yake. Mai saitawa ya bar gajere a kan lamba, mai karantawa ya gane abin da ake nufi ya amsa daidai, su biyun su gamsu. Sun yi makonni suna karanta lokacin da babu agogon da zai taɓa nuna shi.

A bas ɗin komawa gida ranar na yi ta lissafin kwanaki. Saura 'yan makonni a yi jarrabawa, kuma da zarar ruwan farko ya sauka rabin ajin za su tafi shuka. Amma ban ga yadda zan bar su a haka ba, sun iya kwali ba su iya agogo ba.

Washegari na cire batirin, na tara su rukuni-rukuni a gaban tebur. A bayan agogon akwai ɗan abin murɗawa. Na ce kowa ya manta da dogon hannu, ya zuba wa gajeren ido. Na murɗa a hankali daga ƙarfe goma. Suka ga yana rarrafe, ya bar goma, ya kai tsakiya, ya doshi sha ɗaya, bai taɓa ta ba sai da dogon ya koma kan sha biyu. Mai ƙuli ta ce, "Lah, ashe shi ma tafiya yake!"

Daga nan na fito da wasa biyu. A na farko, mai saitawa zai rufe dogon hannu da tafinsa, ko ya karkatar da shi ya danne, ya nuna gajeren kawai. Abokinsa ya duba ya ce, "Ya wuce huɗu kaɗan," ko "Yana tsakiyar huɗu da biyar," ko "Ya kusa biyar," sannan ya faɗi inda ya kamata dogon ya kasance. A na biyu, agogo ɗaya, mutum biyu, kowa da hannunsa. Mai dogon hannu yana tafiya yana ƙirga biyar, goma, sha biyar, mai gajere yana matsawa kaɗan-kaɗan. In dogo ya kai shida, dole gajere ya kasance a tsakiya. In dogo ya koma sha biyu, dole su isa tare. Wanda ya riga wani, a koma farko.

Wannan na biyun ya jawo rigima da dariya. Masu gajeren hannu suna gaggawa, su isa tun dogo yana kan huɗu. Na sa doka cewa a dakata a kowace kwata a duba juna. Na kuma ba su ƙa'ida: in za ka ce "da", ka kira lambar da gajere ya baro. Sai ga wata sabuwa, suka fara cewa "uku saura kwata" a inda ya kamata su ce huɗu saura kwata, don sun riƙe lambar da aka baro. Muka ƙara rabin ƙa'idar: in za ka ce "saura", ka kira lambar da ya dosa. Kwana da kwanaki ajina ba ka jin komai sai "ya baro" da "ya dosa". Malamin aji huɗu, wanda bango ɗaya ya raba mu, ya leƙo ya ce ko tashar mota muka buɗe.

Mai i'ina ce ta fi kowa iya riƙe gajeren hannu. Haƙurin da ta saba yi da harshenta ya yi mata rana, ba ta gaggawa. Mai ƙuli kuwa dogon ne nata, tana ƙirgawa da ƙarfi kamar tana talla. Da na ce su yi musanye, sai ga shi dole mai i'inar ta ƙirga da baki. Na tsaya nesa ina saurare. Ta yi tuntuɓe a "talatin", ta tsaya, ta sake ɗauka, ta wuce. Ƙawarta tana riƙe da gajeren hannu a tsakiya, ba ta matsa ba sai da kalmar ta fito.

Na mayar wa agogon Hajiya batirinsa, na bar shi a kan tebur kullum har a tashi. A tsakiyar darasin Hausa ko na addini sai in tsaya in nuna wasu biyu in ce, "Ku duba ku gaya min." Su je gaba, su yi shawara ƙasa-ƙasa, ɗaya ya faɗa. Rannan na nuna su biyun nan, ina sa ran mai ƙuli za ta amsa kamar kullum. Suka duba, suka yi ƙus-ƙus. Mai ƙulin ta ja da baya ta naɗe hannu. Yarinyar ta kama bakin tebur, ta fara. Ta daɗe a kan kalmar farko. Wani ya soma dariya, mai ƙuli ta juya ta watsa masa harara, ya haɗiye. Can ta ce, "Sha biyu saura minti goma." Na duba. Dogo a kan goma, gajere dab da sha biyu. Na ce, "Haka ne, ku zauna," na ci gaba da darasi, amma sai da na juya wajen allo na ɗan daɗe ina goge abin da babu.

Ruwan farko ya sauka kafin jarrabawa, kamar yadda na yi tsoro. Ajin ya rage. Waɗanda suka zauna, yawancinsu sun karanta agogon Hajiya daidai a duk inda na murɗa shi. Akwai waɗanda suka tsaya a rabi da kwata, mintoci suka gagare su. Akwai yara biyu da har muka rabu ba su daina rikita dogo da gajere ba. Mai ƙuli ba ta rubuta jarrabawar ba, an tafi da ita gona, sai bayan sati biyu ta dawo da kaushi a hannu. Na gwada ta ita kaɗai a bakin aji, ta cinye duka, na kai wa hedimasta na ce a sa mata maki.

Na mayar wa Hajiya agogonta lafiya. Ta ce in bar batirin a ciki, ta saba da rashinsa amma ƙarar tana ɗebe mata kewa. Na tattara na kwalin a buhu, na jingina a lungun ofis, muka tafi hutu.

Da muka dawo na ɗaga buhun, sai gindinsa ya zube. Gara ta shiga ta ƙasa ta cinye su, ta bar min ƙasa da zare da maɓallai. Hedimasta ya tsaya a kaina yana salati. Na durƙusa na tsince maɓallan ɗaya bayan ɗaya, na ƙulle a bakin mayafi. A shekarar an sake ba ni sabon aji uku, an kuma ce in riƙa shiga aji huɗu lissafi, wato yarana na bara.

Na shiga wajen 'yan aji huɗun na ce duk wanda gidansu ko maƙwabtansu ke da kwali ya roƙo, kada ya ɗauka ba izini. Na ce wannan karon ba ni zan yanka ba, su za su yi, bibbiyu, su kuma za su zauna da 'yan aji uku su nuna musu. Ranar Alhamis na zo da murfin kwano da almakashin maigida da kwalbar tawada. Kwali bakwai kawai aka samu, ɗaya ma duk mai ne. Na ce ya isa a fara. Muka shimfiɗa su a ƙarƙashin darbejiya, na kifa murfin a kan na farko, na miƙa wa mai i'ina fensir, na ce wa ƙawarta ta danne mata kada ya goce.